Nawa benci ɗaya yake ci mini kafin ya bar shago?

Kafinta_Katako: Assalamu alaikum jama'a. Ina da ƙaramar masana'anta a nan Jos, kusa da kasuwar Katako, inda muke haɗa bencin makaranta mai ƙafar ƙarfe da saman katako. A shekarar da ta wuce mun kammala benci 1,000. Katako da bututun ƙarfe da na saya sun kai naira 14,500,000, na biya kafintoci 5,600,000, sannan mai walda da ke lanƙwasa mana ƙafafu a nasa shagon ya karɓi 1,000,000, wato naira 1,000 kan kowane benci. Idan na haɗa waɗannan na raba da 1,000, benci ɗaya yana tsaya mini a kan 21,100, ina kuma sayar da shi 30,000. A wannan lissafi ya kamata a ce ribata ta kusa miliyan tara, amma ko kusa ban gan ta ba. Yanzu wata makaranta mai zaman kanta tana son benci 300 a kan 24,000 kowanne, ina kuma so masana su duba mini lissafin kafin in ba su amsa.

Sani_Gangare: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni dai abin da zan fara dubawa shi ne yaran shago, domin duk inda riba ta fito a takarda ba ta fito a aljihu ba, to akwai mai ɗebe kaya ta bayan gida. Ka sa wanda ka amince da shi ya riƙa ƙirga katako kullum da yamma.

Akanta_Bukuru: Malam Sani, kada mu ɗora wa kowa laifi tukuna, domin lissafin da aka kawo bai cika ba, kuma giɓin da ke cikinsa ya isa ya haɗiye ribar da ake nema ba tare da an saci ko ƙusa ɗaya ba. Alhaji, abin da kake bukata shi ne asusun masana'anta, wanda aikinsa kawai ya nuna abin da aka kashe wajen sarrafa kayan da aka kammala a cikin shekarar. Matsala ta farko ita ce ka ɗauki abin da ka saya a matsayin abin da ka yi aiki da shi, alhali ba ɗaya ba ne. Idan muka kira shekarar da muke lissafinta bana, katakon da ya kwana a sito daga bara ya shiga aikin bana ko da ba bana ka biya kuɗinsa ba, wanda kuma ya rage a ƙarshen Disamba bai shiga ba ko da ka biya. Don haka ina so ka faɗa mana kuɗin ɗanyen kayan da ke sito a ranar 1 ga Janairu da ranar 31 ga Disamba, da abin da ka biya na dako daga wurin saye zuwa shago, da ko akwai kayan da ka mayar wa dillali. Haka kuma ka duba ko akwai ladan kafintoci na Disamba da ya tsallaka zuwa Janairu ba a biya ba.

Kafinta_Katako: Na gode, Malam. Na duba littafin sito. A farkon shekara akwai kaya na 1,200,000, a ƙarshe kuma na 1,800,000. Dako da kuɗin masu lodi sun ci 600,000. Na mayar da wani bututu da ya zo da tsatsa, na naira 300,000, aka cire mini daga bashi. Ladan makon ƙarshe na Disamba, 200,000, sai a Janairu na biya shi.

Akanta_Bukuru: Madalla. Mu fara da ɗanyen kaya. Ka ɗauki 1,200,000 na farkon shekara, ka ƙara 14,500,000 da ka saya, ka ƙara 600,000 na dako, ka cire 300,000 da aka mayar, sai ka sami 16,000,000, wato duk kayan da suka kasance a hannunka domin aiki. Ka cire 1,800,000 da suka rage a sito, abin da ya shiga aiki shi ne 14,200,000. Dakon shigo da kaya yana cikin kuɗin kayan, domin katakon da ke wurin dillali ba shi da amfani a gare ka sai ya iso ƙofar shagonka.

Ladan kafintoci kuma 5,800,000 ne, ba 5,600,000 ba, saboda aikin makon ƙarshe a Disamba aka yi shi, jinkirin biya bai mayar da shi aikin wata shekara ba. Kuɗin mai walda, 1,000,000, kashewa ce ta kai tsaye tunda ana iya nuna wa kowane benci nasa rabon. Waɗannan uku idan aka haɗa su, 14,200,000 da 5,800,000 da 1,000,000, sun ba da 21,000,000, kuma wannan shi ne kuɗin tushe. Ka ga ya yi kusa da naka adadin, amma dacewa ce kawai, kurakuran ne suka kashe juna. Babban abin da ya ɓace shi ne duk abin da masana'anta ke ci wanda ba za a iya bin sawunsa zuwa benci guda ba.

Zainab_Daliba: Malam, ina shirin rubuta jarrabawar WAEC ne, kuma wannan darasi yana cikin abin da muke karantawa. A fahimtata, duk albashin da aka biya wanda ke aiki a cikin masana'anta yana shiga kuɗin tushe, shi ya sa nake ganin ya kamata a ƙara albashin shugaban kafintoci a can. Sannan idan dakon kawo katako ya shiga, me zai hana dakon kai benci makarantu shiga, tunda duka mota aka biya?

Akanta_Bukuru: Zainab, kin kama rabin maganar. Gaskiya ne albashin shugaban kafintoci yana cikin asusun masana'anta, amma ba a sashen kuɗin tushe ba. Tambayar da za ki yi wa kowane albashi ita ce, shin hannun mutumin nan yana kan kayan da ake ƙerawa, har a iya cewa ga abin da ya ci a kan benci kaza? Mai yanka da mai gogewa da mai haɗawa, amsar e ce. Wanda aikinsa zagayawa ne yana duba aikin wasu, yana raba musu katako, albashinsa ɗaya ne ko an yi benci 50 a wata ko an yi 120, don haka yana cikin ɗawainiyar masana'anta. Dakon kai benci kuwa ba ya shiga wannan asusu sam, domin a lokacin da aka ɗora benci a mota an riga an gama ƙera shi. Wannan kuɗin sayarwa ne, kuma wurinsa asusun riba da asara. Masu shirya jarrabawa suna son ajiye dakon nan biyu kusa da juna domin su ga wanda zai haɗa su.

Kafinta_Katako: To ga sauran abin da na kashe. Hayar wuri 1,200,000 a shekara. Wuta da man janareta 2,000,000. Shugaban kafintoci yana karɓar 80,000 a wata. Gyaran injuna da wasa zarto 340,000. Ƙusa da gam da samfefa da fenti 400,000. Akwai yarinya mai rubuta rasit a ofis, 50,000 a wata, sai dakon kai kaya 750,000. Na kuma sayi sabon injin goge katako a watan Janairu a kan 2,000,000, wanda ya kai jimillar kuɗin injunana 6,000,000. Ina tsammanin shi ma sai a zuba shi a ciki.

Injiniya_Dilimi: Alhaji, injin ba zai shiga gaba ɗayansa ba. Idan ka zuba miliyan biyu a kan bencin shekara guda, za ka ɗora wa kowane benci naira 2,000 na injin da zai yi maka aiki shekara da shekaru, sai bencin bana ya fito da tsada na baɗi ya fito da araha, alhali inji ɗaya ne ya goge su. Abin da ke shiga shi ne raguwar darajarsa ta shekara. Idan ka ɗauka injunanka za su yi shekara 10, to kashi 10 cikin 100 na 6,000,000 ke nan, wato 600,000. Ni a ganina ma shekara 10 ta yi yawa ga injin da ke shan ƙurar katako kullum, musamman idan wuta na hawa da sauka, amma wannan kai ka san injunanka.

Akanta_Bukuru: Injiniya ya faɗi daidai, mu tafi da 600,000. Saura haya da wuta, waɗanda masana'anta da ofis suke ci tare, don haka sai an raba su bisa wani ma'auni mai hujja. Haya ana raba ta da faɗin wuri, wuta kuma da yawan abin da kowane sashe ke ja. Alhaji ya gaya mini ta waya cewa ofis da ɗakin nuna kaya sun ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na filin, don haka rabon masana'anta a haya 900,000 ne. A wuta kuwa ofis ba shi da komai sai fanka da ƙwan fitila da kwamfuta ɗaya, sai muka ba masana'anta kashi 90 cikin 100, wato 1,800,000. Albashin shugaban kafintoci na wata 12 ya kama 960,000. Ga yadda ɗawainiyar ta tsaya:

Hayar masana'anta: 900,000
Wuta da mai: 1,800,000
Shugaban kafintoci: 960,000
Raguwar darajar injuna: 600,000
Gyara da wasa zarto: 340,000
Ƙusa, gam, samfefa da fenti: 400,000
Jimilla: 5,000,000

Albashin mai rubuta rasit da dakon kai kaya da ragowar haya da wuta duk suna jiran asusun riba da asara. Kuɗin tushe 21,000,000 da ɗawainiya 5,000,000 sun zama 26,000,000, amma har yanzu ba za mu raba da 1,000 ba, sai mun san bencin da aka fara ba a gama ba a farkon shekara da ƙarshenta.

Baba_Rikkos: Malam Akanta, kafin ka wuce, ni ban gamsu da inda ka ajiye ƙusa da fenti ba. Na yi aikin kafinta tun kafin a haifi wasu a wannan zaure, kuma na san ƙusa tana jikin benci, fenti ma yana jikinsa, kowa yana gani da idonsa. Ta yaya abin da ke jikin kaya zai zauna tare da kuɗin haya, alhali mai walda da ke wani shago daban an sa shi a tushe?

Akanta_Bukuru: Baba, ranka ya daɗe, maganarka tana da ƙarfi, kuma babu wanda zai ce ka yi kuskure idan ka sa su a tushe. Dalilin da ya sa aka saba ajiye su a ɗawainiya shi ne wahalar bin sawu. Ana buɗe kwalin ƙusa kowa ya ɗiba, ana buɗe galan na gam ya yi kwanaki, ba wanda ke rubuta abin da benci guda ya ci, kuma kuɗin rubutawar zai fi amfanin sanin. A masana'antar Alhaji, inda kaya iri ɗaya ake yi, ko ka sa 400,000 ɗin a sama ko a ƙasa, jimillar tana nan 26,000,000. Inda bambancin ke bayyana shi ne wurin da ake yin benci da gado da kujerar falo a ƙarƙashin rufi ɗaya, domin gado zai sha fenti fiye da benci, idan aka raba daidai sai benci ya ɗauki nauyin gado.

Baba_Rikkos: To a kan ƙusa da gam na yarda. Fenti dai ni a tushe zan bar shi, domin na san galan ɗaya benci nawa yake shafewa.

Maman_Hanifa: Ni gidan burodi nake da shi a Anguwar Rogo, kuma ina bin wannan bayani da kyau. Abin da ban gane ba shi ne maganar kayan da ba a gama ba. Mu abin da aka kwaɓa da dare an gasa shi kafin asuba, ba ma kwana da komai sai buhunan fulawa da sukari. Shin ke nan nawa lissafin ya tsaya a wannan mataki? Kuma itacen da muke hura tanda da shi, a ina zan sa shi?

Injiniya_Dilimi: Hajiya, idan babu kwaɓin da ya tsallaka ranar rufe littafi, to naki ya tsaya a nan, kuɗin tushe da ɗawainiya su ne kuɗin burodin da kika gasa. Itace kuwa ɗawainiya ne kamar man janaretan Alhaji, tunda tanda ɗaya ke gasa kowane irin burodi, sai dai ledar da ake zuba kowane burodi a ciki ana iya sa ta a tushe, domin ana ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya.

Kafinta_Katako: A kan abin da Malam Akanta ya tambaya, a farkon shekara akwai aikin da ba a gama ba wanda muka ƙiyasta a kan 700,000. A ƙarshen Disamba akwai benci 100 da aka yanka katakonsu, an kawo ƙafafunsu, an fara haɗawa amma ba a goge ba, ba a yi fenti ba. Na ƙiyasta kowanne a kan 17,000, wato kaya 13,000, walda 1,000, da rabin ladan kafinta kimanin 3,000, jimilla 1,700,000.

Akanta_Bukuru: Yanzu lissafi ya rufe. A kan 26,000,000 za ka ƙara 700,000, domin wancan aiki bara aka kashe masa kuɗin amma bana ya zama benci, yana cikin 1,000 ɗin da ka ƙirga. Za ka cire 1,700,000, domin bana aka kashe kuɗin amma bencin bai fito ba, baɗi zai shiga ƙirga. Abin da ya rage, 25,000,000, shi ne kuɗin kayan da aka sarrafa, kuma shi ake rabawa da 1,000. Benci ɗaya yana tsaya maka a kan 25,000 a bakin ƙofar masana'anta, ba 21,100 ba, kuma wannan kafin dako da ofis.

Akwai wani abu ƙarami a ƙiyasinka. Ka auna aikin da ba a gama ba da kuɗin tushe zalla, ba ka ɗora masa rabonsa na wuta da haya ba, alhali injin da ya yanka katakon nan ya sha mai. Ƙa'idar IAS 2, wadda ke magana kan yadda ake auna kayan sito, tana so a ɗora masa. Da an ba kowanne rabin 5,000, da ƙiyasin ya ƙaru da 250,000, kuɗin benci ya sauka da naira 250. Na bar shi yadda yake ne saboda na farkon shekara ma haka aka auna shi, kuma sauya ma'auni a gefe ɗaya kawai ya fi barin sa ɓarna.

Zainab_Daliba: Malam, to bencin da aka gama amma ba a sayar ba fa? Ban ga an cire su ba.

Akanta_Bukuru: Ba a nan ake cire su ba, Zainab. Asusun masana'anta yana ƙarewa ne da 25,000,000, sai a ɗauke adadin a kai shi asusun ciniki, inda yake zama a gurbin da ɗan kasuwa ke rubuta kayan da ya saro. A can ne za a ƙara bencin da aka gama da ke sito a farkon shekara, a cire na ƙarshe. Idan, alal misali, Alhaji ya shiga shekara da benci 50 na 1,100,000, ya fita da 100 a kan 25,000 kowanne, to kuɗin abin da ya sayar 23,600,000 ne, cinikin benci 950 a kan 30,000 kuma 28,500,000, ribar farko 4,900,000. Daga cikinta za a fitar da dako 750,000, da albashin ofis 600,000, da ragowar haya da wuta 500,000, sai a tashi da 3,050,000. Wani sashe na wannan ma ba kuɗi ba ne a hannu, yana kwance a sito a matsayin katako da benci.

Sani_Gangare: Ke nan amsar Alhaji ta fito. Abin da ya ci 25,000 ba a sayar da shi 24,000. Ya ba makarantar haƙuri.

Injiniya_Dilimi: Malam Sani, ban ga ta fito da sauƙi haka ba. A cikin 25,000 ɗin akwai haya da albashin shugaban kafintoci da raguwar darajar injuna, jimillarsu 2,460,000, kuma Alhaji zai ɗauke su ko ya karɓi aikin ko bai karɓa ba. Idan aka cire rabonsu, abin da ƙarin benci ɗaya zai ci masa kusan 22,500 ne. Idan injuna suna zaune a wasu watanni, kafintoci kuma kan kowane benci ake biyan su, to 24,000 tana barin kusan 1,500, daga ciki a cire dako da ya kusa 800. Riba ce siririya, amma ba asara ba ce, da sharaɗin cewa aikin ba zai ture na masu biyan 30,000 ba.

Baba_Rikkos: Injiniya, lissafinka da tsohon farashi ka yi shi, katakon da za a yi aikin da shi kuwa da farashin yanzu za a saye shi. Ƙarin naira 700 a kan kayan benci ɗaya ya isa ya share abin da ka ce ya rage. Bayan haka masu makarantu suna magana da junansu, ranar da sauran suka ji an ba wani a kan 24,000, babu mai sake biyan 30,000.

Kafinta_Katako: Akwai abin da ban ambata ba, ban sani ba ko yana sauya wani abu. A watan Agusta ruwa ya shiga sito ta rufi, ya lalata katako na kimanin 400,000, muka zubar da shi. Tunda ba ya cikin abin da aka ƙirga a Disamba, ina ganin ya shige cikin 14,200,000 ɗin nan.

Akanta_Bukuru: Ya shige kuwa, kuma yana sauya lissafi. Duk abin da ba a tarar a sito ba, wannan hanya tana ɗaukarsa kamar an yi aiki da shi, ko ruwa ne ya ci shi ko wani ya ɗauke, kuma a nan ne maganar Malam Sani ta farko take da gurbi. Guntayen da zarto ke zubarwa ɓarna ce ta yau da kullum, benci ne ke ɗaukar ta. Katakon da ruwa ya lalata saboda rufi ya yoye ɓarna ce da ta fita daga al'ada, IAS 2 ta ce ba a ɗora irinta a kan kuɗin kaya, ana kai ta asusun riba da asara kai tsaye. Idan aka cire, ɗanyen kaya ya koma 13,800,000, kuɗin tushe 20,600,000, kuɗin kayan da aka sarrafa 24,600,000, benci ɗaya 24,600.

Baba_Rikkos: A littafi ka cire shi, Malam, ban hana ba. Amma ruwan Agusta a Jos ba baƙo ba ne, kuma a iya sanina da wuya damina ta wuce mai sito bai yi asarar wani abu ba. Idan duk shekara ake zubar da katako, ni ban ga yadda za a kira shi abin da ya fita daga al'ada ba, kuma wanda zai yanka farashi gara ya bar shi a ciki.

Akanta_Bukuru: Idan littattafan Alhaji na shekarun baya sun nuna kusan haka yake faruwa kowace damina, to zan yarda a ɗauki wani sashe a matsayin ɓarnar da aka saba. Alhaji, ka duba mana abin da aka zubar a shekaru biyu ko uku da suka gabata, sannan ka tambayo farashin katako da bututu na wannan makon, ka kuma gaya mana ko makarantar ce za ta ɗauki kayanta ko kai za ka kai mata.

Kafinta_Katako: Sun ce ni zan kai musu har Bukuru. Farashin katako zan shiga kasuwa gobe da safe in tambaya, littattafan baya kuma suna wurin ƙanena, sai ya dawo daga Bauchi ranar Alhamis.